Jan Layi a Kwamfutar Shago: Takardar da Akanta Ya Rubuta wa Ma'aikata

A shagunan sari na kayan masarufi, irin waɗanda ake gani a kasuwar Singa ta Kano, da yawa sun mayar da littafin sito cikin kwamfuta. Galibi ba wata manhaja mai tsada ba ce, jadawalin Excel ne kawai, ko Google Sheets ga masu son maigida ya riƙa leƙawa ta wayarsa. Kowane kaya da layinsa. Idan kaya ya kusa ƙarewa sai layin ya koma ja, kalmar A SAYO ta fito a gefe.

Rigima takan taso ne daga nan. Yaron shago ya leƙa sito ya ga katan 80 na taliya an jera su har sun kusa taɓa rufi, ya dawo ya tarar kwamfuta ta yi musu ja. Ya duba kifin gwangwani, katan 9 kacal a lungu, amma kwamfuta ta ce LAFIYA. Wa zai ga laifinsa idan ya ce na'urar ta samu taɓin hankali? Daga ranar da ya yanke wannan hukunci kuwa, ba zai ƙara kula jan layi ba, sai ranar da kwastoma ya zo da mai kura a bayansa aka ce masa taliya ta ƙare.

Mu ɗauki misalin wani shago irin wannan, da alƙaluman da na sauƙaƙa don lissafi ya fita sarai. Akantan shagon ya gaji da amsa tambaya ɗaya kullum, sai ya rubuta 'yar takarda ya manna a ƙofar sito. Ga abin da ta ƙunsa:

“Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jan layi ba yana nufin kaya sun ƙare ba. Yana nufin abin da ya rage ba zai wuce kwanakin da sabon kaya zai ɗauka kafin ya iso ba. Kwamfuta tana ɗaukar abin da muke sayarwa a rana, ta ninka shi da kwanakin isowar kaya, ta ƙara ɗan kayan ko-ta-kwana. Wannan ita ce iyaka. Idan abin da ke sito, haɗe da wanda ke hanya, ya sauko daidai iyakar ko ƙasa da ita, layi ya yi ja. Duk wanda ya fara ganin ja ya gaya mini ko Alhaji a ranar, kada a jira gobe. A wurin adadi a rubuta lamba zalla, kuma da katan muke lissafi. Kayan da suka fita ta kowace hanya a rubuta su, ko bashi ne, ko sun lalace ne, ko na gidan Alhaji ne. Don Allah kada kowa ya taɓa layukan da na yi wa launin toka. Na gode.”

Takardar gajeriya ce, kuma haka ya kamata, domin mai sauke buhuna ba shi da lokacin karanta lacca. Amma kowace jimla a cikinta akwai asarar da take tarewa, kuma ya dace mu bi su sannu a hankali.

Abu na farko da akantan yake so a gane shi ne, a wajen wannan lissafi ba da yawan katan ake auna kaya ba, da kwanaki ake aunawa. Shagon nan ya sayar da katan 336 na taliya a cikin kwana 28 da suka wuce, wato katan 12 a rana ke nan. Katan 80 ɗin da suka cika wa yaro ido ba za su cika mako guda ba. Kifin gwangwani kuwa katan 14 aka sayar a cikin kwana 28, rabin katan a rana. Katan 9 ɗin nan da ke lungu za su kai kwana 18. Ashe wanda ya fi yawa a ido shi ne ya fi kusa da ƙarewa.

Sai rabi na biyu na lissafin, wato nisan inda kayan suke fitowa. Direban da fitilar mai ta kama masa a cikin gari ba ya damuwa, gidan mai na nan gaba kaɗan. Idan a tsakiyar daji ta kama, da litocin iri ɗaya a tanki, gabansa faɗuwa yake yi. Taliyar shagon nan daga kamfani ake yo odarta, takan ɗauki kwana 5 kafin ta shiga sito. Kifi kuwa a wajen wani dila ake karɓa a cikin gari, kwana 3 ya isa. Saboda haka taliya tana bukatar katan 12 sau 5, wato 60, don kawai a rufe kwanakin jira. Akanta ya ƙara katan 24 na ko-ta-kwana, cinikin kwana biyu ke nan, saboda mota tana iya lalacewa a hanya ko ciniki ya ɗan tashi. Iyakar taliya ta zama 84. Tamanin na ƙasa da 84, layi ya yi ja, kuma daidai ya yi.

A cikin jadawalin, kowane ɗaya daga waɗannan alƙaluma yana da layinsa na tsaye, kuma harafi ne sunan kowane layi. A sunan kaya ne, B abin da ya rage a sito, C abin da aka yi oda bai iso ba, D cinikin rana, E kwanakin isowa, F kayan ko-ta-kwana. G ita ce iyaka, H kuma gargaɗin. Idan taliya tana jeri na biyu, ga abin da ke rubuce a akwatin G2:

```
=ROUNDUP(D2*E2+F2,0)
```

Alamar tauraro ninkawa take nufi. ROUNDUP kuwa tana ɗaga lissafin zuwa cikakkiyar lamba ta gaba. A kan taliya ba ta da aikin yi, tunda 84 cikakkiya ce. A kan kifi ne ake ganin amfaninta: rabin katan sau kwana 3 ya ba da ɗaya da rabi, a ƙara katan 2 na ko-ta-kwana ya zama uku da rabi, sai ta mayar da shi 4. Sama ake ɗagawa ba ƙasa ba, domin gara gargaɗi ya zo da wuri kaɗan da ya makara.

A akwatin H2 kuma:

```
=IF(B2+C2<=G2,"A SAYO","LAFIYA")
```

IF tambaya ɗaya take yi: shin B haɗe da C ya yi daidai da G ko ya gaza ta? Idan haka ne ta rubuta kalmar farko, idan ba haka ba ta rubuta ta biyu. Shi kansa jan launin ba daga fomula yake fitowa ba. Wani saiti ne daban da ake kira Conditional Formatting, wanda aka gaya wa ya shafa ja a duk jerin da aka rubuta A SAYO. Yana da kyau ma'aikaci ya san wannan, domin wani lokaci idan aka kwafo layi daga wani jadawalin launin yakan rikice alhali kalmar tana nan daidai. Kalmar za a bi. ('Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke aiki da Excel na Faransanci za su ga SI a maimakon IF, da alamar ; a maimakon waƙafi, amma lissafin bai sauya ba.)

Me ya sa akanta ya dage cewa a faɗa a ranar? Mu bi kwanakin. Ranar Litinin da safe akwai katan 110. Aka sayar da 12, saura 98. Talata ciniki ya ɗan yi kyau, 14 suka fita, saura 84, layi ya yi ja da yamma. Idan aka sanar nan take, kwana biyar ɗin su ne Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar da Lahadi. Katan 60 za su fita a cikinsu, mota ta iso ranar Lahadi da yamma ta tarar da 24 a sito. Ko ta kwana biyu a hanya saboda taya ko gyaran inji, shago bai ce wa kowa babu ba.

Yanzu a ce wanda ya ga jan ya yi shiru, yana cewa ai kaya na nan jibge, ba a yi oda ba sai Alhamis da yamma. Mota za ta iso ranar Talata, daidai lokacin da katan na ƙarshe ya fita. An tsira, amma da ƙyar, kuma an cinye kayan ko-ta-kwana a kan jinkirin cikin shago, ba na hanya ba. Idan kuma motar ta makara kwana biyu a kan wannan, cinikin katan 24 ya tafi maƙwabta. Wanda ya san sari ya san asarar ba ta tsaya a nan ba, domin mai kanti da ya zo sayen taliya da sukari da man girki ba ya son raba kaya gida biyu. Inda ya samu taliya, can zai haɗa sauran.

Akwai kuskuren da akantoci kansu suke yi a akwatin E, kuma a ganina shi ya fi yawa. Sukan rubuta kwanakin da mota take yi a hanya, su manta da sauran. Kwanakin isowa suna farawa ne daga sa'ar da layi ya yi ja, su ƙare sa'ar da kaya suka shiga sito aka ƙirga su. A tsakani akwai jiran Alhaji ya dawo daga tafiya ya amince, akwai tura kuɗi da jiran kamfani ya tabbatar sun shiga, akwai layin lodi, akwai ranar da ba a saukar da kaya. Motar da ke kwana biyu a hanya tana iya zama kwana biyar idan aka haɗa waɗannan. Hanyar sanin gaskiya ita ce a duba odoji biyar ko shida na baya, a ga ranar da aka nema da ranar da aka sauke, ba a dogara da alƙawarin dila ba.

Layin C, na kayan da ke hanya, shi ne ya fi bukatar hattara. Dalilin sa shi mai kyau ne. Idan babu shi, bayan an yi oda layi zai ci gaba da zama ja har kwana biyar, kowa ya gani ya sake kai rahoto, wata rana ma a yi oda sau biyu. Da zarar akanta ya rubuta 200 a C2, lissafi ya zama 84 da 200, wato 284, ya haura iyaka, ja ya ɗauke. Kowa ya san an yi abin da ya kamata.

Amma ranar da kaya suka iso akwai aiki biyu, kuma na biyun ake mantawa. Za a rubuta 200 a shafin kayan shigowa, B ta tashi daga 24 zuwa 224. Sannan dole a goge 200 ɗin da ke C. Idan aka bar shi, kwamfuta tana ganin har yanzu akwai wata motar a hanya. Taliya za ta yi ta raguwa, 100, 50, 10, har ta ƙare ƙarƙaf, amma B haɗe da C ba zai taɓa sauka ƙasa da 200 ba, layi kuma yana ta cewa LAFIYA. Haka abin yake idan kamfani ya soke oda ba a goge ba. Wannan ne ya sa akanta mai lura yakan ƙara mataki na biyu da ba ya kallon hanya ko kaɗan, sito kawai yake kallo:

```
=IF(B2<F2,"GAGGAWA",IF(B2+C2<=G2,"A SAYO","LAFIYA"))
```

Da wannan, duk sa'ad da taliyar da ke sito ta sauka ƙasa da 24, kalmar GAGGAWA za ta fito ko me aka rubuta a C. Ma'anarta an fara cin kayan ko-ta-kwana, a ɗauki waya a tambayi inda mota take, ko a duba ko akwai motar ma tun farko.

Yanzu mu zo kan jimlar da ta shafi yaran shago kai tsaye, ta rubuta lamba zalla. Kwamfuta ba ta taɓa shiga sito ba. Lambar da ke B ba ƙirge ba ce, lissafi ne: abin da aka fara da shi, a ƙara abin da aka rubuta ya shigo, a cire abin da aka rubuta ya fita. Cinikin rana ma daga shafin fitar kaya ake tattaro shi. A shagon misalinmu sunan shafin Fita, kwanan wata a layin A, sunan kaya a B, adadi a C, kuma wata fomula mai suna SUMIFS ce ke bi tana tara adadin duk jerin da sunansa ya dace:

```
=SUMIFS(Fita!C:C,Fita!B:B,A2)
```

SUMIFS tana da hali guda da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani: abin da ba ta gane ba, tsallake shi take yi ba tare da ta ce uffan ba. Idan yaro ya rubuta “5 katan” a wurin adadi, a wajenta wannan rubutu ne ba lamba ba, sai ta wuce. Idan ya rubuta “Talia”, ko ya rubuta sunan daidai amma yatsansa ya ƙara fili a ƙarshe, wannan wani kaya ne daban da ba ta sani ba. Babba da ƙaramin baƙi ba su dame ta ba, amma harafi ɗaya da ya ɓace ya isa. Katan biyar sun bar sito, kuɗinsu ya shiga aljihun shago, amma jadawali yana ganin suna nan.

Ɓarnar kuma biyu ce a lokaci guda. Ragowar kaya ta fi gaskiya yawa, cinikin rana kuma ya fi gaskiya ƙanƙanta, wanda ke janyo iyaka ƙasa. Duka biyun suna jinkirta gargaɗi. Akwai wata 'yar dabara ta gane wannan da ido: idan ba a sauya saiti ba, Excel yana jingina lamba a gefen dama na akwati, rubutu kuma a gefen hagu. Duk adadin da ka gani ya laɓe a hagu, to ba a lissafa shi ba. Amma ni ina ganin nauyin nan bai kamata ya tsaya a kan yara ba. Akanta zai iya amfani da Data Validation ya sa sunan kaya ya zama na zaɓa daga jeri, ya kuma hana akwatin adadi karɓar komai sai lamba. Aikin minti kaɗan ne, ya fi yin faɗa kowace safiya.

Batun katan ma haka yake. Katan ɗin taliya yakan ɗauki leda 20. Idan aka fasa katan aka sayar da leda 10, rabin katan ne ya fita, 0.5 za a rubuta. Wanda ya rubuta 10 ya kwashe katan goma daga lissafi, ja zai kama kusan kwana ɗaya kafin lokacinsa. Wannan kuskuren bai kai na farko haɗari ba, amma yana zubar da mutuncin gargaɗin, domin ja da ya kama a banza sau uku, na huɗu ba mai waiwayarsa. Su kuwa kayan da ruwa ya jiƙa, da wanda ɓera ya huda, da katan biyu da aka sa a bayan mota aka kai gidan Alhaji, duk sun fita daga abin da za a iya sayarwa. Sai dai gara a ba su shafinsu daban, a cire su daga ragowa amma kada su shiga cinikin rana, don ba ciniki ba ne.

Akwai abin da takardar akanta ba ta faɗa ba, wataƙila don aikinsa ne ba na yara ba. Fomular nan baya take kallo. Cinikin rana jimlar kwana 28 da suka wuce ne aka raba 28. An zaɓi 28 maimakon 30 don mako huɗu ne cif, kowace Juma'a da kowace ranar kasuwa ta shiga sau huɗu daidai. Tsari ne mai kyau muddin gobe za ta yi kama da jiya. Akwai lokuta biyu da ba ta yi.

Na farko shi ne bayan kaya sun yanke. A ce taliya ta ƙare a shago har kwana 7. A cikin kwana 28 ɗin, kwana 21 kawai aka yi ciniki, katan 252 ke nan. Kwamfuta ta raba da 28 ta samu 9 a rana. Ba ta san mutane sun zo an ce musu babu ba, ita dai ta ga ba a sayar ba. Sai ta sauke iyaka daga 84 zuwa 69, wato 9 sau 5 a ƙara 24. Da kaya suka dawo, ciniki ya koma 12 ɗinsa, amma gargaɗi yanzu ya makara da fiye da kwana ɗaya. Yankewar farko ta share wa ta biyu hanya. Maganinsa shi ne akanta ya raba da kwanakin da kaya suke akwai, 21, ba 28 ba, har sai kwanakin yankewar sun fice daga lissafin.

Na biyu kuma azumi. A ce shagon yana sayar da buhu 5 na sukari a rana, kwanakin isowa 4, ko-ta-kwana buhu 10, iyaka 30. Ana saura kwanaki a ga wata, masu kanti da masu rabon kayan azumi suka taso, ciniki ya koma buhu 15 a rana. Jadawali yana nan da tunanin watan Sha'aban. Zai yi ja a buhu 30, wanda yanzu cinikin kwana biyu ne, mota kuwa sai nan da kwana huɗu. Kafin matsakaicin kwana 28 ya farga ya tashi, rabin azumi ya wuce. Bayan salla kuma sai abin ya juye: ciniki ya lafa, amma jadawali yana tuna kwanakin cunkoso, yana ta neman a sayo abin da zai zauna a sito. A irin wannan lokaci akanta yakan cire fomular D ya rubuta lamba da hannu, daga cinikin azumin bara. Azumin bara, ba watan Bature na bara ba, tunda watannin Musulunci suna matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Kuma ya rubuta wa kansa ranar da zai mayar da fomular, domin lambar hannu da aka manta a akwati tana iya shekara tana ɓata lissafi. Mai saye guda da ya kwashe katan 150 don biki ko rabon tallafi shi ma yakan kumbura matsakaicin, gara a ware irin wannan cinikin gefe.

Saura tambayar da Alhaji zai yi, ba yara ba: me ya sa 24, me ya hana a ajiye da yawa a huta? Akwai wata hanyar lissafi da ake yawan koyarwa, wadda ke ɗaukar mafi munin hali. A duba ranar da aka fi ciniki, a ce katan 18, da odar da ta fi daɗewa, a ce kwana 7. A ninka su, 126, a cire 60 na lissafin yau da kullum, saura 66. Shagon da ya ajiye 66 da wuya taliya ta yanke masa. Amma ya ƙara katan 42 a kan 24, kuma idan muka ƙaddara katan naira dubu 20 ne, naira dubu 840 ke nan a kwance a kan kaya iri guda, a shagon da ke da kaya iri ɗari ko fiye. Ga wurin ajiya, ga ranar lalacewa da ke tafiya. Ni dai ina ganin a ware kayan da suke janyo mutane shago, waɗanda rashinsu ke korar kwastoma, a yalwata musu ko-ta-kwana. Sauran da ake samu a wajen dila cikin gari, kaɗan ya wadatar. Wannan shawarar ciniki ce, ta maigida da akanta, fomula ba ta da ra'ayi a kai. Haka ma yawan abin da za a sayo. Jan layi lokaci kawai yake faɗa. Tambayar nawa za a sayo tana da nata lissafin, wanda wani injiniya Ba'amurke, Ford Harris, ya wallafa tun 1913, amma a kasuwa sau da yawa kuɗin da ke hannu da cikar mota ne ke yanke ta.

Layukan toka da aka ce kada a taɓa su ne B, D, G da H, inda fomula take. Wanda ya ga B ta ce 90 alhali ya ƙirga 78 a sito, zuciyarsa za ta ce masa ya goge ya rubuta 78. Da ya yi haka fomular ta tafi, lambar ta daskare, ko an sayar da katan nawa B za ta ci gaba da cewa 78. Ana ganewa ta danna akwatin a dubi sandar rubutu da ke sama: idan abin da ke ciki bai fara da alamar = ba, an kashe fomula. Akanta na iya kulle waɗannan layuka da Protect Sheet.

Abin da ya kamata mai ƙirgen ya yi shi ne ya kai wa akanta lambobin biyu, 90 da 78, su nemi katan 12 ɗin tare. A fara da shafin Fita na kwanakin da suka biyo bayan ƙirgen ƙarshe, a nemi adadin da ya jingina hagu ko sunan da aka rubuta ba daidai ba. A gwada shi da littafin rasit, musamman na masu karɓa bashi. A duba motar ƙarshe, ko 200 aka rubuta alhali 188 aka sauke. Idan an gano, a gyara a inda kuskuren yake, B za ta daidaita da kanta. Idan ba a gano ba, a rubuta 12 a shafin kayan da suka fita ba ciniki ba, da kwanan wata da sunan wanda ya ƙirga. A misalin nan 90 tana sama da iyaka, 78 tana ƙasa da ita, saboda haka odar taliya ba za ta jira ƙarshen binciken ba, a ranar za a yi ta.